Waya ta nuna "Backup incomplete" ana jibi suwap: me ya hau, me ya rage?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, kuma jibi nake son kai wayata kasuwar waya ta Farm Centre a yi min suwap da sabuwa. Na shiga wajen bakof sai na ga an rubuta "Backup incomplete". A WhatsApp an nuna na ƙarshe da ya yi wata biyu ke nan, 4.1 GB, Google kuma ya ce na cinye 14.9 GB cikin 15 GB. Idan na ba da wayar a haka me zan rasa? Lissafin bashin kwastomomina duk yana ciki.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki ba da wayar a haka. A yanzu babu abin da ya ɓata tukuna, komai yana nan cikin wayar da ke hannunki. Asarar tana faruwa ne a daidai lokacin da mai shago ya goge ta don ya sayar wa wani, domin daga nan abin da ya hau intanet kaɗai za ki iya dawowa da shi. Alƙaluman da kika turo kuwa sun nuna cewa abin da bai hau ba yana da yawa, kuma shi ne wanda kika fi buƙata.

Abin da ke rikita mutane shi ne suna ɗaukar bakof abu guda ne, ko ya yi ko bai yi ba. A wayar Android ajiya uku ce ke tafiya, kowace da maɓallinta da sharaɗinta. Akwai ta WhatsApp, akwai ta hotuna da Google Photos ke ɗorawa, sannan akwai ta ita wayar kanta, wadda ke riƙe da jerin manhajoji, saƙonnin tes, tarihin kira da saituna. Ɗaya tana iya kammalawa, biyu su maƙale. Abin da ya haɗa su shi ne wurin zuba kaya: giga 15 ɗin nan da Google ke ba kowane asusu kyauta, wanda Gmail da Drive ma a ciki suke ci. Kamar 'yan kasuwa ne da suka haɗa kuɗi suka kama sito ɗaya, duk wanda ya riga ya cika shi, sauran sai su bar kayansu a waje. Naki siton ya cika, saura mega ɗari kacal, shi ya sa duka ukun suka tsaya.

Ba laifinki ba ne, da ba haka abin yake ba. Kafin 1 ga Yuni 2021, hotunan da aka ɗora a Google Photos da matsakaicin inganci ba a lissafa su cikin giga 15 ɗin. Bakof ɗin WhatsApp ma shekaru ya yi ba a lissafa shi, sai daga ƙarshen 2023 zuwa farkon rabin 2024 aka fara sa shi a lissafi. Mutane da yawa da ba su taɓa ganin wannan gargaɗi ba, a wannan tsakanin suka fara ganinsa.

Mu fara da WhatsApp, tunda nan kuɗinki yake. Ki bi wannan hanya:

```
WhatsApp > Settings > Chats > Chat backup
```

Abu biyu za ki karanta a wurin, ranar bakof na ƙarshe da girmansa. Ranar nan ita ce iyaka. Duk abin da ya shigo kafin ta yana can a Google, duk abin da ya shigo bayanta a cikin wayarki kaɗai yake. Kada sandar da ke nuna kashi saba'in ko casa'in cikin ɗari ta ruɗe ki har ki ce ai saura kaɗan. Muddin ranar ba ta canza ta koma ta yau ba, ki ɗauka sabon bai yi ba. Idan kika dawo da ajiyar a sabuwar waya, hirarrakinki za su fito tsaf, amma su tsaya cak a wata biyun da suka wuce. Hajiya wance da ta karɓi turmi uku makon jiya ta ce sai ƙarshen wata, hoton rasit ɗin tiransifa da wata ta turo shekaranjiya, saƙon muryar da dila ya faɗa miki sabon farashi, duk babu su. Tsohon bashi da wataƙila an riga an biya shi ne zai dawo, sabon da ake binsa yanzu ya tafi.

Kuma babu inda za a je a roƙo su. WhatsApp ba ya ajiye saƙon da ya riga ya isa wayar mai shi. Yana riƙe wanda bai isa ba har kwana 30, da ya isa sai ya sauke shi daga wajensa. Gurof-gurof ɗinki za su dawo saboda suna bin lambarki ne, amma abin da aka tattauna a cikinsu na wannan tsakanin ba zai biyo su ba. Sai dai ki bi kwastoma ɗaya bayan ɗaya ki ce ta sake turo miki, kuma kin san ba kowace mai bashi ce za ta yi saurin tuna miki ba.

A wannan shafin dai akwai wani maɓalli mai suna `Include videos`. Idan a kashe yake, to ko bakof ya nuna ya kammala lafiya, bidiyo ko ɗaya bai hau ba. Saƙon murya da hotuna da takardu suna hawa, bidiyo ne kaɗai aka ware masa maɓalli saboda nauyinsa. Sannan bakof ba ya ɗora abin da babu shi a wayar. Idan kina amfani da manhajojin nan masu share datti don waya ta yi sauri, kuma sun taɓa kwashe tsofaffin hotunan WhatsApp, waɗannan tuni sun fita daga lissafi. Na ga mutane suna ɗora wa canjin waya laifin abin da shara ta cinye tun bara.

In kina da WhatsApp biyu, na gida da WhatsApp Business, kowanne da nasa bakof, ki duba ranar kowanne daban. In kuwa irin WhatsApp ɗin nan ne da ba na asali ba, wanda ake turawa ta Xender, to maganar ta canza, domin ba ya ajiya a Google Drive yadda na asali ke yi, kuma babu tabbacin hirarrakin za su koma na asali. Zan ci gaba a kan cewa na asali gare ki.

Sai hotuna. Ki buɗe Google Photos ki taɓa hotonki ko harafin sunanki da ke sama ta dama. Nan zai gaya miki halin da ake ciki, kuma lafazin yana ɗan bambanta daga waya zuwa waya. `Backup complete` shi ne kaɗai lafiya. Idan ya ce yana jiran wayifai, matsalar hanya ce, domin yawancin wayoyi an saita su kada su ɗora da data, mu kuwa da data muke rayuwa, sai ka ga waya ta shekara tana jiran wayifai da ba zai zo ba. Idan ya ce `Backup is off`, ba a ma kunna ba. Naki na san zai yi maganar cikar wuri ne, kuma galibi yana faɗin adadin abubuwan da suka rage ba su hau ba. Ki rubuta wannan adadi, za mu yi lissafi da shi.

A nan akwai tarko da ya fi na WhatsApp ɓoyuwa. Google Photos yana nuna miki hotunan da ke cikin wayar da waɗanda ke intanet a jere ɗaya, ba ki iya bambance su da kallo ɗaya. Ganin hoto a cikin manhajar ba shaida ba ce cewa ya hau. Hanyar da ba ta ƙarya ita ce ki buɗe burauza ki rubuta `photos.google.com`, ki shiga da asusunki, ki duba hoton da ke sama. Abin da kika gani a can shi ne abin da sabuwar waya za ta gani. Na tabbata za ki tarar ya tsaya a kusan ranar da WhatsApp ya tsaya, tunda cikar wuri ɗaya ce ta tsayar da su.

Ko da ya ce ya kammala ma, abin da yake nufi shi ne ya gama da foldojin da aka ce ya kula da su. A yadda yake zuwa, foldar kyamara yake ɗorawa. Foldar hotunan WhatsApp, ta `Download`, da na sauran manhajoji, sai an shiga `Back up device folders` an kunna su ɗaya bayan ɗaya. Ga mai sana'a irin taki wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin samfurin kayan da dila ke turo miki ba kyamararki ce ta ɗauka ba. Haka abin da kika ɓoye a `Locked Folder`, ba ya hawa sai an kunna masa nasa bakof daban, kuma idan aka goge waya yana tafiya da ita.

Ajiya ta uku, ta wayar kanta, tana ƙarƙashin `Settings > Google > Backup`, a wasu wayoyin kuma `Settings > System > Backup`. Ita ba ta da nauyi, kuma abin da za ki rasa idan ba ta kammala ba ya fi sauƙi: saƙonnin tes na kwanan nan, ciki har da alat ɗin banki, tarihin kira, kalmomin sirrin wayifai, da tsarin da kika jera manhajojinki. Dalilin da ya sa take yawan maƙalewa ko da akwai wuri shi ne sharuɗɗanta. Tana son waya tana jone a caji, an ajiye ta ba a taɓawa, kuma tana kan wayifai. A gidan da wuta ke zuwa ta ɗauke, kuma ana caji ana latsawa, waɗannan ukun ba safai suke haɗuwa ba. Maganinsa shi ne a danna `Back up now` da hannu, bayan an kunna maɓallin da ke ba ta izinin amfani da data.

Kada ki ɗora mata abin da ba za ta iya ba. Kowace manhaja mega 25 kawai aka ba ta a wannan ajiya, wato saituna da ƙananan bayanai, kuma masu manhaja suna da damar cewa kada a ɗora tasu sam. Manhajojin banki za su sauko a sabuwar waya, amma sai kin sake shiga, a turo miki lambar tantancewa ta layinki. Kuɗinki na banki, ba ya cikin waya, wannan kada ya dame ki. Abin da zan so ki duba shi ne inda kike rubuta lissafi. Idan a Google Keep ne, yana bin asusunki. Idan a manhajar rubutu ce da ta zo da wayar, ko wata ta lissafin bashi da ba ki taɓa yin rajista da lamba ko imel a cikinta ba, to akwai yiwuwar a cikin wayar kaɗai yake. Ki kwafe shi yau, ko a littafi ne.

Sannan akwai kayan da ba sa cikin ko ɗaya daga ajiya ukun nan, ko da duka sun nuna sun kammala. Karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙin da aka tura miki ta Xender ko bulutut, takardun da kika sauke, muryoyin da kika naɗa da rakoda, duk fayiloli ne da ke zaune a wayar, babu mai ɗora su. Lambobin waya kuma kashi uku ne: na cikin asusun Google, na cikin sim, da waɗanda aka ajiye a wayar kanta. Na ukun su ne ke ɓata. Ki shiga `contacts.google.com` ki ga adadin da ke can, ki gwada da adadin da wayarki ke nunawa. Idan waya ta ce 1,200, can kuma 700, to ɗari biyar suna wani wuri. Ki shiga saitunan manhajar lambobi ki zaɓi `Export`, zai haɗa miki su duka a fayil ɗaya mai ƙarewa da `.vcf`, ƙarami ne ƙwarai, ki tura wa kanki ta imel ko ki sa a memori. Wannan yana da muhimmanci ga WhatsApp ma, domin sunayen da kike gani a kan hirarraki daga lambobin wayarki yake ɗauko su. In suka ɓata, hirar za ta dawo amma da lambobi tsirara, ki rasa wace ce wace.

Yanzu lissafin wuri. Ki buɗe `one.google.com/storage`, zai rarraba miki abin da kowa ya ci. Ban ga naki ba, amma bari in yi misali da irin rabon da aka saba gani: hotuna giga 9.6, WhatsApp 4.1, Gmail 0.7, Drive 0.3, ajiyar waya 0.2, jimla 14.9. Sai ki koma WhatsApp, `Settings > Storage and data > Manage storage`, ki ga girmansa na yau. Mu ce ya kai giga 6.8, kuma 2.9 daga ciki bidiyo ne. Sabon bakof yana maye gurbin tsoho ne, ba a gefensa yake zama ba, don haka abin da ake buƙata ƙari shi ne bambancin, giga 2.7. Ke kuma 0.1 gare ki. Hotunan kyamara da suka rage, mu ce 600 ne, kowanne kamar mega uku, wannan kusan giga 1.8 ke nan, ban da bidiyo. Ke nan kina neman wajen giga huɗu da rabi da babu shi.

Da wannan lissafi za ki ga mafita mafi arha. Idan kika kashe `Include videos`, WhatsApp ya dawo giga 3.9, ya shiga gurbin tsohon 4.1 ba tare da kin goge komai ba. Amma kafin ki yi haka ki kwashe bidiyon zuwa memori ko kwamfuta, domin sabon bakof zai tafi ba tare da su ba. A wayoyi masu Android 11 zuwa sama suna nan:

```
Android/media/com.whatsapp/WhatsApp/Media
```

Idan duk da haka ya ƙi motsi saboda asusun ya matse da yawa, ki sama masa ɗan numfashi. A Gmail ki rubuta `larger:10M` a wurin bincike, zai fito da saƙonni masu manyan kaya, ki goge waɗanda ba ki so. Sai ki shiga kwandon shara na Gmail da na Drive ki zubar, domin abin da ke cikin kwandon ana ci gaba da lissafa shi har sai an zubar ko ya cika kwana 30. Wata hanyar kuma ita ce sayen ƙarin wuri na Google One, akwai tsarin giga 100 da ake biya wata-wata. Ga mai kasuwanci a waya ina ganin ya cancanta, amma ki sani in kika daina biya alhali kin haura giga 15, komai zai sake tsayawa, har imel ya daina shigowa.

Abin da ba na so ki yi shi ne ki shiga Google Photos ki hau goge hotuna don samar da wuri, da tunanin ai suna cikin waya. Hoton da ya riga ya hau, idan kika goge shi a manhajar, yana fita daga intanet da wayar gaba ɗaya. Yana zama a kwandon shara kwana 60, daga nan shi ke nan. Shi kuma maɓallin `Free up space` akasin abin da kike nema yake yi: yana sauke nauyin wayar ne, ya bar na intanet yadda yake. In ma kin taɓa danna shi a baya, to akwai tsofaffin hotunanki da yanzu a Google kaɗai suke, ba sa cikin waya, wanda ya sa maganar kalmar sirri da zan zo kanta ta zama dole.

Ni dai da za ki bi shawarata, ba zan sa ki dogara da intanet kaɗai a wannan ƙaura ba. Ki yi bakof ɗin nan marar bidiyo a matsayin kariya, amma ainihin kwasar kayan a yi ta waya zuwa waya, tunda duka biyun za su haɗu a kan teburin mai shago. Tun 2023 WhatsApp yana da `Transfer chats` a ƙarƙashin `Settings > Chats`. Za ki fara a tsohuwar waya, sannan a sauke WhatsApp a sabuwar, a sa lambarki ɗin nan dai, a tantance ta. Sabuwar za ta nuna wani zane mai murabba'i, ki haska shi da kyamarar tsohuwar. Daga nan wayoyin biyu za su haɗu da junansu kai tsaye. Ana kunna wayifai a kowace, amma ba a buƙatar a jona su da na kowa, kuma kayan ba sa bi ta datarki. Yana kwashe hirar har ta wannan safiyar, da hotuna da bidiyo, kuma ba ruwansa da cikar giga 15. Ki je da wayar cike da caji, ki bar su kusa da juna, kada a fita daga shafin har ya gama. Giga shida zuwa bakwai yana ɗaukar lokaci, don haka kada ki je ana shirin tashi daga kasuwa.

Hotunan kyamara da sauran fayiloli kuma a kwafe foldojin `DCIM`, `Pictures`, `Download` da `Documents`, da foldar Xender in akwai, zuwa memori ko filashi tun a gida. Memorin giga 32 ya ishe ki, in dai ba na jabu ba ne, kuma ana gane na jabu ne ta hanyar buɗe fayilolin bayan an kwafa, musamman na ƙarshe-ƙarshe, a ga ko suna buɗewa. Ki yi wannan da kanki ko wani na gida ya yi miki. Ba don zargin kowa ba, amma hotunan iyali ba abin da za a bari a kwamfutar shago ba ne.

Akwai makullai da in babu su, ajiyar da ta kammala ma ba ta da amfani. Na farko adireshin Gmail da kalmar sirrinsa. Mutane da yawa mai shagon da ya sayar musu da waya ne ya buɗe musu, ba su taɓa sanin me ya sa ba. Ki gwada shiga yau a burauza. In ya ƙi, ki canza kalmar sirrin tun tsohuwar waya na hannunki, domin ita Google ya sani, kuma sau da yawa ita yake tura wa tambayar ko ke ce kike ƙoƙarin shiga. Na biyu makullin fuskar tsohuwar waya, lamba ce ko zane. Tun daga Android 9 da shi ake kulle ajiyar waya, kuma sabuwar za ta tambaye ki shi kafin ta buɗe. Na uku, ki duba ko `End-to-end encrypted backup` a kunne yake a WhatsApp. In a kunne yake, akwai kalmar sirri ko mabuɗi mai lambobi da haruffa 64 da aka kafa, kuma in ya ɓata ko su WhatsApp ba za su iya buɗe miki ba. In ba ki tuna shi, ki gyara tun kina kan tsohuwar waya. Na huɗu lambobi shida na `Two-step verification`, waɗanda in kika manta kuma ba ki sa imel ba, sai kin jira kwana bakwai. Layinki kuma ya kasance yana karɓar tes.

Idan ƙaurar kai tsaye ta ƙi, kika koma kan bakof na Google, ga inda mutane suka fi faɗawa. Dole sabuwar waya ta kasance da asusun Google ɗin nan kafin a buɗe WhatsApp, da lambar waya ɗaya. Bayan tantance lamba zai nuna ya samo ajiya, da ranarta da girmanta, ya tambaya ko a dawo da ita. Ki karanta ranar kafin ki danna. Sau ɗaya yake tambaya. In wani yaron shago mai sauri ya danna `Skip`, WhatsApp zai buɗe fanko, kuma haɗarin shi ne in aka bar shi ya yi sabon bakof a wannan asusu, fankon zai hau kan mai kayan ya danne shi, domin guda ɗaya Google ke riƙewa ga kowace lamba. In hakan ta faru kada ki jira dare ya yi bakof da kansa, a cire WhatsApp nan take a sake saukewa, tambayar za ta dawo. Idan ya fara dawowa, rubutu ne ke fara fitowa, hotuna da muryoyi su biyo baya a hankali, kuma wannan saukarwar data take ci daidai girman ajiyar, wato kusan giga huɗu a misalinmu.

Ajiyar waya ita ma galibi a kunnawar farko ake tayin dawo da ita. Sau da yawa a kasuwa an riga an kunna wayar an tsallake wannan mataki don a gwada miki kyamara da sifika, don haka tun kafin a sauke WhatsApp ki ce a mayar da ita kamar sabuwa a fara a gabanki. Ki kuma duba lambar Android ɗinta, domin ajiyar da aka yi a sabon Android ba ta sauka a wanda ya girme shi. Wannan yana faruwa a suwap, inda waya ta fi tsada amma ta fi tsufa. Kada kuma ki ce sai wani lokaci, domin ajiyar wayar da aka daina amfani da ita Google yana share ta bayan kwana 57, ban da hotuna da bidiyo.

Kafin ki miƙa tsohuwar, ki zauna da sabuwar ki gwada ta da abin da kika sani. Ki buɗe hirar kwastomar da kuka yi magana jiya ki ga saƙon ƙarshe, ki kunna saƙon murya ɗaya na makon nan da ɗaya na bara, ki buɗe hoton rasit ki ga ya fito sarai ba dishi-dishi ba, ki duba adadin lambobi, ki shiga manhajar banki. In mai shago yana gaggawa, ki nemi ya ba ki zuwa gobe ko ki bar masa kafin alƙalami, yawancinsu sun saba da haka. Sai komai ya fito sannan ki cire sim da memori, ki shiga `Settings > Accounts` ki cire asusun Google daga tsohuwar, domin in aka goge ta da asusunki a ciki tana iya kullewa ta nemi kalmar sirrinki, mai shago ya dawo yana kiranki. Daga nan ki yi mata `Factory reset` da hannunki, ki jira ta sake kunnuwa ta nuna shafin zaɓen harshe, sannan ki miƙa.